Albashin Ofis ko Dalar Intanet? Amsa ga Wanda Ya Gama Bautar Ƙasa

Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Na gama bautar ƙasa watan jiya, shekarata 25. Wani kamfani a Kano ya ɗauke ni aiki a sashen talla, albashi naira 180,000 a wata. To amma tun ina bautar ƙasa nake yi wa mutanen waje zanen tambari da fasta a Upwork, dandalin intanet da ke haɗa masu aiki da kwastomomi. A wata shida na samu dala 900; akwai watan da na samu 420, akwai kuma watan da ko sisi bai shigo ba. Baba yana so in kama aikin ofis, ni kuma raina yana kan na intanet. Wanne ya fi tabbacin kuɗi, kuma wanne ya fi gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. A yadda kake yau, ka kama aikin ofis ɗin, amma kada ka rufe shagonka na intanet. Ba don aikin ofis ya fi ba. Dalili shi ne wata shida ba su isa su nuna maka ainihin abin da intanet zai riƙa ba ka ba, kuma watan nan guda mai tsoka shi ne yake ɗaukar maka hankali. Bari mu zauna mu yi lissafin tare, domin ka ga da idonka.

Mu fara da albashin. Abin da aka rubuta a takarda ba shi ne zai shigo asusunka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani kuma ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. Idan aka lissafa a kan dukkan albashin, za a cire maka naira 14,400. Wasu kamfanonin a kan wani sashe na albashin kawai suke lissafawa, to sai ya ɗan ragu. Sai haraji. A sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a watan Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kuma ana cire kashi 15. Naka zai kama kusan naira 15,000 a wata. Ka ga abin da zai shigo hannunka kimanin 150,000 ne. Daga nan ka cire kuɗin mota. In gidanku yana Rijiyar Zaki, ofis ɗin kuma yana Bompai, Adaidaita Sahu zuwa da dawowa zai iya lashe maka 1,600 a rana, wato kimanin 35,000 a ranakun aiki 22. Saura 115,000, ban da abincin rana.

Yanzu mu juya kan dalar. Na ɗauka dala 900 ɗin nan farashin ayyukan ne kafin a yanke komai, domin haka yawancin samari suke faɗa. Upwork yana cire nasa kason daga kowace kwangila. A da kashi 20 ne ga sabon kwastoma, a 2023 suka mayar da shi kashi 10, a 2025 kuma suka sa yana sauyawa daga kwangila zuwa kwangila har zuwa kashi 15. Mu ɗauki 10, saura 810. Sai Connects, wato tikitin da kake saye a dandalin don neman aiki, kowane ɗaya santi 15 na dala. Wanda yake nema da gaske zai iya kashe dala 15 a wata, wato 90 a wata shida, saura 720. Kuɗin cirewa da ragin da ake yi maka wajen canji, ko ta kamfanin tura kuɗi na Payoneer ko kai tsaye zuwa banki, su ma za su ci kamar 20. Saura 700. Raba shida, kusan dala 117 a wata. A kan naira 1,500 kowace dala, don sauƙin lissafi, naira 175,000 ke nan.

Kafin ka yi murna, akwai abubuwan da kamfani yake biya wa ma'aikacinsa ba tare da ma'aikacin ya ma lura ba, kai kuwa daga aljihunka za su fita. Data, mu ce 20,000. Wuta, ko man janareta ko kuɗin caji ko biyan bashin sola, mu ce 25,000. Sai kwamfutar da kanta, wadda ita ce jarinka. In ka saye ta 540,000 kuma za ta yi maka shekara uku, to kowane wata tana cin 15,000 ko ka ware kuɗin ko ba ka ware ba. Ranar da allonta ya mutu ana tsakiyar aiki za ka gane haka. Jimla 60,000. Saura 115,000.

Ka ga abin mamaki, sun zo kunnen doki. Sai dai akwai abubuwa biyu da lissafin bai nuna ba, ɗaya naka ɗaya a kanka. Naka shi ne, da rabin lokacinka ka samu wannan kuɗin, kana zuwa wurin da aka tura ka bautar ƙasa. Wanda yake a kanka kuma shi ne, a duk watannin nan alawus ɗin naira 77,000 yana shigowa. Shi ne ya sa watan da babu ko sisi bai yi maka zafi ba. Yanzu alawus ya yanke. Sannan ma'aikacin ofis yana tara naira 32,400 a asusun fansho kowane wata, nasa da na kamfani, kai kuwa babu mai tara maka.

To tunda matsakaicin samun ya zo ɗaya, maganar tabbaci ta koma kan yadda kuɗin yake zuwa. Ka cire watan 420 da watan sifili, sauran wata huɗu sun raba dala 480, wato 120 kowanne. Bayan an yanke komai aka cire data da wuta da kwamfuta, irin wannan watan bai wuce ya bar maka naira 75,000 zuwa 80,000 ba. Wannan shi ne ainihin watanka, ba na 420 ba. Mai gidan haya da mai shagon unguwa ba sa karɓar matsakaicin lissafi, abin da ke hannunka ran nan suke karɓa.

Sannan kuɗin intanet yana da jinkirin da sabon shiga ba ya sa wa a rai. Ka ɗauki aikin tambari na dala 150 mai tsayayyen farashi. An ba ka aikin ranar 3 ga Maris, kwastoma ya ajiye kuɗin a hannun Upwork. Ka miƙa ranar 10, ya ce a sauya kala, a ƙara girman rubutu, ka sake miƙawa ranar 15. Daga nan ya yi shiru, wataƙila ya yi tafiya. Ƙa'idar wurin ita ce yana da kwana 14 ya duba, in bai ce komai ba sai a sake maka kuɗin, wato ranar 29. Sai kuma kwana 5 na tsaro kafin ka iya taɓawa, 3 ga Afrilu ke nan. Ka cire, ya ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya iso bankinka. Aikin da ka fara farkon Maris, sai mako na farko na Afrilu za ka ci shinkafarsa. A Fiverr, wani dandalin irin Upwork, ma haka ne, su kashi 20 suke cirewa, kuma sai bayan kwana 14 da kammala aiki kuɗin yake zama naka. Wanda ba shi da ajiya, a cikin wannan tsakanin ne yake cin bashi, kuma a cikinsa ne yake karɓar aikin wulaƙanci na dala 10 saboda matsuwa.

Kada kuma ka ɗauka albashi dutse ne. Shi tabbacinsa a lamba ne, ba a abin da lambar za ta saya ba. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. In aka yi shekara guda mai hauhawar kashi 30 kuma ba a ƙara maka ko kwabo ba, naira 180,000 ɗinka za ta sayi abin da 138,000 take saya a bara. Abin da ya faru da ma'aikata ke nan bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da sakin farashin naira a watan Yuni: dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Mai karɓar dala ya ga kuɗinsa ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara aiki ba, mai albashi kuwa yana kallon buhun shinkafa yana tsere masa. A nan aikin intanet ya fi, kuma babu amfanin ɓoye hakan.

Sai dai canjin yana tafiya gaba, yana kuma dawowa baya. A watan Fabrairun 2024 dala ta kusa taɓa naira 1,900 a kasuwar 'yan canji, zuwa tsakiyar Afrilu ta faɗo wajen 1,100. Wanda ya ɗaura kasafinsa a kan farashin Fabrairu ya wayi gari kashi 40 na kuɗinsa sun tafi, alhali aikin da yake yi bai ragu ba. Don haka ribar canji kyauta ce da ke zuwa ta tafi, kada ka lissafa ta a matsayin ci gaban sana'arka. Ci gaba shi ne farashinka ya tashi a dalar kanta.

Shi ma aikin ofis ɗin, kafin ka sa hannu ka karanta takardar ɗaukar aikin da kyau, domin ba kowane albashi ne mai tabbas ba. Ka duba sunan wanda ya ɗauke ka: kamfanin da za ka zauna a cikinsa ne, ko wani kamfanin dillancin ma'aikata? Bankuna da manyan kamfanoni da yawa suna cike da ma'aikatan kwantiragi da suke zaune teburi ɗaya da na dindindin, amma babu ƙarin girma a gabansu, kuma ana iya sallamarsu cikin sauƙi. Ka duba tsawon lokacin gwaji, da tsawon sanarwar da za a ba ka kafin sallama. Ka tambayi wani ƙaramin ma'aikaci a wurin, ba manaja ba, ranar nawa ga wata albashi yake shigowa, kuma ko an taɓa tsallake wata. Bayan ka fara, ka sa ido a kan saƙon kamfanin fanshonka. Doka ta ce a tura kuɗin cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi. Kamfanin da yake cirewa a takarda amma saƙo ba ya zuwa wata uku a jere, alama ce yana cikin matsalar kuɗi, kuma albashin ne zai biyo baya.

Yanzu maganar gaba, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi a shekarunka.

Abu na farko da nake so ka lura da shi: ƙofofin biyu ba su da wa'adi ɗaya. Tallace-tallacen ɗaukar sababbin masu digiri a bankuna da manyan kamfanoni sukan sa iyakar shekaru, sau da yawa 26 ko 27. Bayan ka wuce nan, sai a riƙa tambayarka gogewar shekara biyu ko uku a wani wurin da za a iya kira a tabbatar. Upwork kuwa ba ya tambayar shekarun haihuwa. In ka yi shekara biyu a ofis ka ga bai yi maka ba, ka koma intanet gaba ɗaya kana da shekara 27, babu abin da ka rasa. In ka yi shekara uku a intanet bai karɓe ka ba, ka dawo neman aikin ofis kana da 28, za ka tarar ƙannenka sun cika layin. Na sha zama a wurin tantance masu neman aiki, kuma gaskiyar magana ita ce yawancin masu tantancewa a nan ba su san yadda za su auna shekarun da mutum ya yi yana aikin kansa a ɗaki ba. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake.

Abu na biyu shi ne wanda zai gyara maka aiki. Kwastoman intanet ba ya koyar da kai. In zanenka bai yi masa ba, zai biya, ya ba ka tauraro huɗu cikin biyar, ya tafi wurin wani, ba za ka taɓa sanin me ya hana shi dawowa ba. A ofis kuwa akwai ranar da za ka kai fastar da ka sha wahala a kanta, shugaban sashe ya ɗauki biro ya zagaye wurare uku, ya ce rubutun ya yi yawa, mai wucewa a mota ba zai karanta ba. Akwai ranar da za a aike ka madaba'a ka ga shuɗin da yake walƙiya a allonka ya fito a takarda kamar an wanke shi, saboda ka yi aikin a tsarin kalar allo na RGB alhali injin bugu tsarin kalar tawada na CMYK yake ci, ko ka ga wuƙar yanka ta cinye gefen lambar waya saboda ba ka bar milimita 3 na bakin yanka ba. Za ka zauna a taron da ake gardama a kan kasafin talla, ka ji yadda ake yanke shawarar ko a sa kuɗi a rediyo ko a allon kan titi, ka ga wace fasta ce ta kawo masu saye, wacce ce kuma aka yaba kawai. Mai zanen da ya san waɗannan shi ne yake iya ce wa kwastoma dala 300 a aikin da wani yake yi 40, domin ba hoto kawai yake sayarwa ba, ya san abin da hoton zai yi a kasuwa.

Amma wannan sai in ofis ɗin yana da wanda ya fi ka. Ka bincika tun kafin ka fara. In kai kaɗai ne mai zane a kamfanin, kuma aikinka shi ne katin barka da Juma'a da sanarwar hutun sallah, to a wata uku ka gama koyon abin da ke wurin, sauran zaman albashi ne kawai.

Ta fuskar kuɗi kuwa, hawan albashi a wuri ɗaya tafiyar hawainiya ce. A aikin gwamnatin tarayya mai digiri yana shiga a mataki na 8, kuma sai ya yi shekara uku kafin ya cancanci jarrabawar ƙarin girma. A kamfani, in ka yi dace ana ƙara maka kashi 15 duk shekara, 180,000 za ta zama 207,000, sannan 238,000 bayan shekara biyu. Babban tsalle yawanci ba a cikin gida ake samunsa ba, sai an sauya wurin aiki da gogewar da aka tara.

Aikin intanet ba shi da wannan rufin, amma yana da nasa, wato awoyinka. Ka ɗauki tambarin dala 50. Awa biyu ka yi kana rubuta takardun neman aiki kafin wannan ɗaya ya amsa, awa ɗaya wajen fahimtar abin da yake so, awa huɗu kana zane, awa uku gyare-gyare. Awa goma, dala 45 bayan kason dandali, wato dala 4 da rabi a awa. Ko ka daina barci ba za ka ninka wannan sau uku ba, kuma kana gasa ne da masu zane daga Pakistan da Bangladesh da Filifin da suke shirye su yi a ƙasa da haka. Tambari kuma yana da wani aibu: kamfani sau ɗaya yake buƙatarsa. Ka gama, kun rabu, ka koma layi.

Inda kuɗin yake shi ne kwastoman da yake dawowa. Ka ce wani ƙaramin kanti a Ingila yana buƙatar fasta 12 duk wata don shafukansa na sada zumunta, kuka daidaita a kan dala 150 a wata. Babu Connects, babu rubutun neman aiki, ka riga ka san kalarsa da irin rubutun da yake so, kowace fasta awa ɗaya da rabi. Awa 18 a wata. Irinsa uku sun ba ka dala 450, bayan kaso 405, kimanin naira 600,000, a awa 54 kacal. Albashinka ba zai kai nan ba a shekara biyar in kana wuri ɗaya. Wannan ita ce gabar da kake hangowa, kuma gaskiya ce, akwai masu samun fiye da haka. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka buɗe tarihin ayyukanka yanzu ka ƙirga: cikin waɗanda suka biya ka dala 900 ɗin nan, mutum nawa ne suka dawo karo na biyu? In babu ko ɗaya, ko kuma watan 420 ɗin daga mutum ɗaya ne da bai sake waiwayowa ba, to har yanzu sa'a kake ci, sana'ar ba ta kafu ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi rashin kwastoma, wato rasa asusun kansa. Duk taurarinka da Job Success Score ɗinka, wato makin da Upwork yake ba ka a kan nasarar ayyukanka, a gidan wasu suke. Kwangila biyu da suka ƙare da rigima za su iya jawo makin ƙasa, gayyata ta ɗauke. Masu sayen asusun wani da aka yi wa rajista da adireshin Amurka, ko masu ɓoye ƙasarsu da VPN, ranar da aka ce su nuna fuska da katin shaida a bidiyo ranar komai yake ƙarewa, wani lokaci har da kuɗin da ke ciki. Haka nan kwastoman da zai ce ku koma WhatsApp ya biya ka kai tsaye don ku kauce wa kaso: ƙa'idar Upwork ta hana hakan har tsawon shekara biyu daga haɗuwarku sai in an biya su kuɗin fita, kuma da zarar kun fita babu mai karɓo maka haƙƙinka in ya gudu. Ma'aikacin da aka sallama yana fita da takardar shaida da mutanen da suka san aikinsa. Wanda aka rufe wa asusu kuwa daga sifili yake farawa, sai fa in ya adana ayyukansa a wani wuri nasa na kansa.

To yaya za ka haɗa biyun, tunda an ce taura biyu ba ta taunuwa? Za ta taunu in ɗaya ƙarama ce. Da farko ka duba ko takardar aikinka ta hana aikin waje. Wasu suna hana yi wa abokan gasarsu ne kawai, wasu suna hanawa gaba ɗaya. Da a ce aikin gwamnati ne ma da maganar ta bambanta, domin kundin tsarin mulki ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci in ban da noma. Kada ka taɓa yin aikin kwastoma da kwamfutar ofis ko a lokacin ofis. Ka ware awa 10 zuwa 12 a mako, bayan isha'i da ranar Asabar, ka daina farautar kowane ƙaramin aiki, ka nemi masu buƙatar abu duk wata. Bambancin lokaci ma yana taimakonka in ka zaɓa da kyau: ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe biyu ne ko uku na rana a Kano, sai goma ko sha ɗayan darenmu suke tashi daga aiki, don haka za ka same su a farke bayan ka dawo gida. Mutanen Landan kuwa lokacinku kusan ɗaya ne, suna neman amsa daidai lokacin da kake gaban manaja, sai ka faɗa musu tun farko cewa da yamma kake amsa saƙo.

Kuɗin intanet ɗin kuma kada ka ci shi. Ka rayu da albashi, dalar ta taru a asusu dabam. Wannan ita ce babbar ribar haɗa biyun: kana iya ƙin aikin dala 10, kana iya faɗar farashinka ka tsaya a kai, saboda abincin gobe bai rataya a kan amsar kwastoma ba. Ka kuma ware wani abu na haraji, domin kuɗin da mazaunin Najeriya ya samu daga waje shi ma ana biya a kansa, kuma tunda albashinka ya riga ya cinye naira 800,000 ɗin da aka yafe, duk abin da ka ƙara a kai kashi 15 ne, in jimlar ta haura miliyan 3 ya koma 18. Wani abu kuma tsakanina da kai: kada ka riƙa faɗar samunka da dala a gida. Wanda ya ji 420 zai ninka da farashin canji a ransa, ba zai ji labarin watan sifili ba, kuma buƙatun da za su biyo baya da ma'aunin wancan watan za su zo.

Ranar da za ka ajiye aikin ofis kuwa ba zuciya ce za ta faɗa maka ba, littafinka ne. Ka rubuta abin da ya shigo banki kowane wata, da naira, bayan cire komai, har wata 12. Sai ka ɗauki watanni uku mafi muni ka duba ko kowannensu shi kaɗai ya isa ya riƙe ka. Ka duba ko kana da aƙalla kwastomomi uku masu dawowa, kuma babu ɗaya da yake ba ka fiye da rabin samunka, domin mai kwastoma ɗaya ma'aikaci ne da ba shi da fansho ba shi da sanarwar sallama. Ka duba ko ajiyarka za ta ciyar da kai wata shida ba tare da aiki ba, ban da kuɗin sauya kwamfuta. In waɗannan sun cika, kuma ka kai matsayin da kake mayar da aiki saboda rashin lokaci, to zaman ofis ya fara jawo maka asara, ka rubuta takardar ajiye aiki cikin mutunci. Daga nan sai ka zama kamfanin kanka: duk abin da ya shigo ya tafi asusu ɗaya, ka yanka wa kanka albashi tsayayye ranar 28 ga wata ko an samu da yawa ko kaɗan, ka yi rajistar sunan kasuwanci, ka shiga tsarin fanshon masu sana'ar kansu da aka buɗe tun 2019, ka sayi inshorar lafiya.

Da amsata ta bambanta in da albashin 80,000 ne a makaranta mai zaman kanta ko ofis ɗin da kuɗin mota zai cinye rabinsa kuma babu abin koyo, ko kuma in da kana da kwastomomi biyu da suke biyanka duk wata tun tuni. A irin wannan hali sai in ce ka zauna a kan kwamfutarka.

Shi kuwa Baba, kada ka je masa da gardamar zamani ya sauya. Abin da yake tsoro a fili yake: ranar da za a je nema maka aure za a tambayi sana'arka, kuma saurayin da yake kwana a gaban kwamfuta dala tana shigo masa, ka san sunan da unguwa take saurin laƙaba masa. Ka gaya masa ka karɓi aikin, sannan ka nuna masa zanen da kake yi da sunayen kantunan da suke amfani da shi, ka kuma faɗa masa tun yanzu cewa bayan shekara guda za ka kawo masa littafin lissafin ku duba tare.